Yadda ake warware da'irar da aka buɗe wa makunni ta hanyar sauyin Laplace: daga 0⁻ zuwa amsa

Da'irar lantarki mai koyil da kafasita ba ta manta halin da take ciki kafin a taɓa makunni. Koyil yana riƙe da karant ɗin da ke bi ta cikinsa, kafasita tana riƙe da boltejinta, kuma ba ɗayansu da ke iya sakin abin da ya riƙe a take. Sauyin Laplace, wato dabarar lissafi da ke ɗauke aiki daga fagen lokaci t zuwa fagen wata alama s, yana da amfani a nan ne domin yana ɗauko waɗannan abubuwa biyu ya sa su cikin zanen da'irar tun daga farko, a matsayin ƙananan tushen wuta, sai aikin ya koma aljabra zalla. Amma a daidai wannan wurin ne kuma aka fi yin tuntuɓe. Yawancin amsoshin da ke fitowa a karkace, kafin a kai ga lissafi mai wuya suka lalace, wajen alamar tarawa ko ɗebewa ta waɗannan tushe biyu. Saboda haka za mu ɗauki da'ira guda ɗaya mu bi ta daga farko har ƙarshe, mu daɗe a inda ake faɗuwa.

Ga da'irar. Batir ne mai 12 V. Daga kansa mai alamar tarawa waya ta shiga rezista R1 mai 250 Ω, daga nan ta shiga koyil L mai 0.1 H, ta fito a wata mahaɗa da za mu kira A. Daga A zuwa ɗaya kan batirin akwai hanya biyu kafaɗa da kafaɗa: ta farko kafasita C ce mai 10 µF, ta biyu makunni ne a jere da rezista R2 mai 150 Ω. Makunnin ya daɗe a rufe, wato a haɗe, wuta na wucewa. A lokacin t = 0 aka buɗe shi, R2 ta fita daga da'irar. Ana son karant i(t) da ke bi ta koyil da boltejin kafasita v(t) daga wannan lokaci zuwa gaba.

Da farko, da'irar kafin a taɓa makunni

Kada ka fara rubuta s tukuna. Zana da'irar yadda take a t = 0⁻, wato ƙiftawar ido kafin buɗewa, R2 na ciki. Tun da batir ne ke ba da wuta kuma an daɗe a haka, komai ya lafa. Karant ba ya canzawa, don haka babu boltej a kan koyil, ya zama kamar waya. Boltej ba ya canzawa, don haka babu karant a kafasita, ta zama kamar yankakkiyar waya. Abin da ya rage shi ne batir da rezista biyu a jere:

```
i(0⁻) = 12 / (250 + 150) = 0.03 A
v(0⁻) = 0.03 × 150 = 4.5 V
```

Kafasita tana kafaɗa da kafaɗa da R2, shi ya sa boltejinta ya zama na R2. Yanzu ka ɗauki biro ka zana kibiya a kan koyil daga R1 zuwa A, ka sa alamar tarawa a farantin kafasita na wajen A. Wannan zane ba ado ba ne. Lamba 0.03 da lamba 4.5 ba su da ma'ana sai da alkiblarsu, kuma duk abin da zai biyo baya a kan wannan kibiya da wannan alama zai dogara.

Ka lura cewa abu biyu kawai muka ɗauko: karant na koyil da boltejin kafasita. Su kaɗai ne ke tsallakawa daga 0⁻ zuwa 0⁺ ba canji. Karant ɗin kafasita sifili ne a 0⁻, amma da an buɗe makunni zai yi tsalle zuwa 30 mA, domin karant ɗin koyil ba shi da wata hanya sai ta cikinta. Wanda ya ɗauki wancan sifilin ya tsallaka da shi ya riga ya ɓata amsarsa.

Mayar da kowane kaya zuwa fagen s

Yanzu sabon zane, na bayan buɗewa, ba R2. Zobe ɗaya ne: batir, R1, koyil, kafasita, duk a jere. Batir ya zama 12/s. Rezista tana nan a 250 yadda take. Koyil da kafasita ne ke buƙatar natsuwa, kuma gara ka san inda siffarsu ta fito a kan ka haddace ta, domin hadda ce ke juyar da alama.

Komai ya fito daga ƙa'ida ɗaya: sauyin df/dt shi ne sF(s) − f(0⁻). Ga koyil, v = L di/dt, don haka:

```
V_L(s) = sL·I(s) − L·i(0⁻)
```

Wato idan ka bi kibiya, boltej yana faɗuwa da sL·I, sannan ya tashi da L·i(0⁻). Abin da ke ɗaga boltej a alkiblar karant tushe ne mai tura karant gaba. Hankali ma ya yarda da haka: koyil yana son karant ya ci gaba da tafiya inda yake tafiya. A namu, imfidans ɗin koyil, wato juriyarsa a fagen s, 0.1s ne, tushen kuma 0.1 × 0.03 = 0.003, yana taimakon batir. Ba a raba shi da s. Mutane da yawa suna rubuta 0.003/s don sun ga sauran tushe suna da s a ƙasa, kuma kuskure ne.

Ga kafasita, i = C dv/dt, wanda ya ba da I(s) = sC·V(s) − C·v(0⁻). Idan aka juya shi:

```
V(s) = I(s)/(sC) + v(0⁻)/s
```

Imfidans ɗin 1/(sC) ne, wato 100000/s, a jere da tushe mai 4.5/s wanda alamarsa ta tarawa ke wajen A, kamar yadda ka zana ɗazu. Karant yana shiga ta wannan gefen, don haka tushen yana adawa da batir. Wannan ma hankali ya kama: kafasitar da ta riga ta ɗauki caji ba ta karɓar ƙari da sauƙi irin na wadda take wayam.

Kowane ɗayan kayan biyu yana da wata siffa ta biyu, mai tushen karant kafaɗa da kafaɗa da imfidans: i(0⁻)/s ga koyil, C·v(0⁻) ga kafasita. Ita ce ta fi dacewa idan lissafin mahaɗa za ka yi. Mu zobe ɗaya gare mu, don haka siffar jere ta ishe mu.

Lissafin zoben

Dokar Kirchhoff ta boltej tana aiki a fagen s kamar yadda take aiki a da'irar rezista zalla. Tara masu turawa, ɗebe mai adawa, raba da jimlar imfidans:

```
I(s) = (12/s + 0.003 − 4.5/s) / (250 + 0.1s + 100000/s)
```

Ninka sama da ƙasa da s, sai ka samu (0.003s + 7.5) a sama, (0.1s² + 250s + 100000) a ƙasa. Kada ka tsaya nan. Raba sama da ƙasa da 0.1 domin s² ya tsaya shi kaɗai:

```
I(s) = (0.03s + 75) / (s² + 2500s + 1000000)
     = (0.03s + 75) / ((s + 500)(s + 2000))
```

Dalilin nacewa a kan wannan rabawa shi ne, idan ka nemo saiwoyin na ƙasa ka rubuta su a baka biyu ka manta da 0.1 ɗin, saiwoyin za su fito daidai amma duk amsar za ta ragu sau goma. Za ka ga karant ya fara daga 3 mA maimakon 30 mA, siffarsa kuwa lafiya lau, har ka rasa inda aka kwana.

Saiwoyin nan biyu, −500 da −2000, sun riga sun faɗa maka labarin kafin ka ƙarasa. Dukansu lambobi ne na zahiri masu alamar ɗebewa, don haka ba kaɗawa, karant zai lafa ne kawai. Akwai ɓangare mai saurin mutuwa, mai ma'aunin lokaci 1/2000, wato 0.5 ms, da mai nawa, mai 1/500, wato 2 ms. Mai nawan ne ke yanke tsawon lamarin: bayan ninki biyar nasa, wajen 10 ms, abin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba.

Gwaji kafin komawa

Tun kana fagen s akwai gwaji biyu masu arha. Ninka I(s) da s. Idan s ya girma ba iyaka, abin da ya rage shi ne 0.03s² bisa s², wato 0.03, kuma wannan shi ne i(0⁺). Ya dace da abin da muka fara da shi. Idan s ya nufi sifili, sI(s) ya zama sifili, wato karant na ƙarshe, kuma daidai ne tun da kafasita a jere ba ta barin karant na batir ya dawwama. Gwaji na biyun yana da sharaɗi: sai duk saiwoyin ƙasan sI(s) suna da ɓangaren zahiri mai alamar ɗebewa. Idan da'irar ba ta da rezista, ko tushen mai kaɗawa ne, zai ba ka lamba, amma lambar ƙarya ce, domin amsar ba ta da wurin da take lafawa.

Komawa fagen lokaci

Ana farfasa I(s) zuwa gutsattsarin da teburin Laplace ya sani:

```
I(s) = K1/(s + 500) + K2/(s + 2000)
```

Hanya mafi sauri ita ce dabarar rufewa da ake jingina wa Oliver Heaviside. Don samun K1, sa yatsa ka rufe (s + 500) a ƙasa, ka sa s = −500 a duk abin da ya rage. Sama ya zama −15 + 75 = 60, ƙasa ya zama 1500, K1 = 0.04. Don K2, rufe (s + 2000), sa s = −2000. Sama ya zama −60 + 75 = 15, ƙasa ya zama −1500, K2 = −0.01. Tun da K/(s + a) yana komawa K·e^(−at):

```
i(t) = 40e^(−500t) − 10e^(−2000t)  mA,   t ≥ 0
```

Boltejin kafasita kuma fa, a nan akwai rami. V(s) ba I(s)/(sC) kaɗai ba ne. Kafasitar gaske ita ce imfidans da tushen tare, kuma tsakanin ƙafafunta biyu ake aunawa, don haka dole 4.5/s ya shiga:

```
V(s) = (3000s + 7500000) / (s(s + 500)(s + 2000)) + 4.5/s
```

Rufe s, sa sifili: 7500000 bisa 1000000, wato 7.5. Rufe (s + 500): sama 6000000, ƙasa −500 × 1500, ya ba da −8. Rufe (s + 2000): sama 1500000, ƙasa −2000 × −1500, ya ba da 0.5. Haɗa 7.5 da 4.5:

```
v(t) = 12 − 8e^(−500t) + 0.5e^(−2000t)  V,   t ≥ 0
```

A t = 0 ya ba da 12 − 8 + 0.5 = 4.5, a ƙarshe kuma ya kai 12, boltejin batir. Wanda ya manta da 4.5/s zai ga kafasitarsa ta fara daga sifili ta tsaya a 7.5 V, alhali babu abin da zai hana ta cika zuwa 12. A 1 ms karant yana wajen 22.9 mA, boltej wajen 7.22 V. A 2 ms sun zama 14.5 mA da 9.07 V. Rubuta t ≥ 0 kusa da amsar ba ƙa'idar jarrabawa kawai ba ce, domin kafin sifili wata da'ira ce daban, kuma wannan amsa ba ta san ta ba.

Kuskuren da ke tsallake gwaji biyun farko

A ce ka juya alamar tushen koyil. Sama zai zama −0.03s + 75, gwajin farko ya ba ka −30 mA, ka kama ɓarawon nan take. Wannan mai sauƙi ne.

Yanzu a ce alamar 4.5/s ka juya, ka tara shi da batir maimakon ka ɗebe. Sama zai zama 0.03s + 165. Yi gwajin farko: 0.03, daidai. Yi na ƙarshe: sifili, daidai. Saiwoyi ba su motsa ba, domin yanayin farko ba ya taɓa na ƙasa, a sama kawai yake zama. Sai ka ci gaba da ƙwarin gwiwa ka samu 100e^(−500t) − 70e^(−2000t) mA, wanda ya fara daga 30, ya ƙare a sifili, kuma ba daidai ba ne. Wannan karant yana hawa sama da farko kafin ya sauko, na gaskiyan kuwa ba ya hawa ko kaɗan.

Abin da ke kama shi shi ne gwaji na uku, wanda a ganina bai kamata a miƙa amsa ba tare da shi ba: gangaren karant a 0⁺. Koma zanen da'irar a daidai bayan buɗewa. Batir 12 V, R1 ta ci 0.03 × 250 = 7.5 V, kafasita tana riƙe da 4.5 V. Abin da ya rage wa koyil sifili ne. Tun da boltejin koyil L di/dt ne, dole karant ya fara a kwance, ba hawa ba sauka. Gwada amsarmu: −500 × 40 ya ba da −20000, −2000 × −10 ya ba da +20000, jimla sifili. Gwada ta kuskuren: −50000 + 140000 = 90000 mA a daƙiƙa, wato 90 A/s, wanda ke nufin 9 V a kan koyil. 9 ɗin kuwa ninki biyu ne na 4.5, wato lambar da kanta ta nuna maka wurin da ka juya alama.

Akwai kuma gwajin caji, mai daɗin yi. Kafasita ta tashi daga 4.5 zuwa 12, ƙarin 7.5 V a kan 10 µF, wato 75 µC. Jimlar cajin da karant ya kawo shi ne 0.04/500 − 0.01/2000, wato 80 µC a ɗebe 5 µC. Saba'in da biyar cif. Amsar kuskure tana ba da 165 µC, wanda kafasitar ba ta da inda za ta zuba shi.

Idan saiwoyin ba su rabu haka ba

Iyakar da ke tsakanin lafawa kawai da kaɗawa tana wurin R1 = 2√(L/C), wanda a nan 200 Ω ne. A daidai nan saiwoyin sun haɗe. Sa R1 = 200 da R2 = 200, domin karant na farko ya zauna a 30 mA, kafasita kuma ta fara daga 6 V. Sai I(s) ya zama (0.03s + 60)/(s + 1000)². Dabarar rufewa tana ba da gutsure ɗaya ne kawai a nan, don haka rubuta sama a matsayin 0.03(s + 1000) + 30, ka samu 0.03/(s + 1000) da 30/(s + 1000)². Na biyun yana komawa da t a gabansa, amsar ta zama (0.03 + 30t)e^(−1000t) A.

Ƙasa da 200 Ω da'irar tana kaɗawa, kuma wannan ya cancanci a tsaya a kansa. Sa R1 = 120 da R2 = 280. Karant na farko 30 mA har yanzu, kafasita 8.4 V, bambanci da batir 3.6 V:

```
I(s) = (0.03s + 36) / (s² + 1200s + 1000000)
     = (0.03(s + 600) + 18) / ((s + 600)² + 800²)
```

Ana iya bi ta lambobi masu j, amma cike murabba'i ya fi tsabta da hannu. Rabin 1200 shi ne 600, murabba'insa 360000, saura 640000, wato 800². Teburi yana cewa (s + a) bisa wannan na ƙasa yana komawa e^(−at)cos ωt, ω bisa shi kuma yana komawa e^(−at)sin ωt. Don haka dole sama ya fito da (s + 600), ba s tsurarsa ba: 0.03 × 600 = 18, a cire shi daga 36, saura 18. Sannan 18 ɗin sai an raba shi da 800, domin teburi ω yake so a sama, ya ba da 0.0225. Waɗannan matakai biyu su ne aka fi tsallakewa.

```
i(t) = e^(−600t)·(30cos 800t + 22.5sin 800t)  mA
```

Gwajin gangare: −600 × 30 + 800 × 22.5 = 0, ya wuce. Ka tabbata kalkuletarka tana kan radiyan kafin ka sa lamba, domin 800t radiyan ne. Karant yana ratsa sifili a wajen 2.8 ms ya juya baya, kuma a wannan lokaci kafasita ta kai ƙololuwarta, kimanin 12.57 V. Ta zarce batirin da ke ciyar da ita, saboda ƙarfin da koyil ya adana ya ci gaba da tura mata caji. Idan ka ga amsa ta haura boltejin tushe a da'ira mai kaɗawa, kada ka yi saurin goge ta. A nan zarcewar kaɗan ce, amma in R1 ta yi ƙanƙanta sosai tana girma, kuma dole a duba ta wajen zaɓen boltejin da kafasita za ta iya jurewa.

A kan teburin gwaji

In za ka haɗa da'irar farko ka duba ta a osiloskof, ka sani koyil mai 0.1 H yana da nasa juriyar waya, sau da yawa om gommai ko fiye. Auna ta da mita, ka lissafa ta cikin 250 ɗin, in ba haka ba 30 mA da 4.5 V ba za su fito ba, saiwoyin ma za su gusa. Kafasita mai ruwan sinadari tana iya kauce wa lambar da aka rubuta a jikinta da kashi 20 cikin ɗari, kuma wannan yana bayyana kai tsaye a ɓangaren mai nawa. Makunnin hannu kuma yana ɗan karkarwa na wasu milisakan kafin ya rabu sarai, lokacin da ya yi kusa da tsawon lamarin gaba ɗaya, sai ka ga layin ya fito da haƙora a farkonsa. Yi amfani da taransista a matsayin makunni, ka ɗora ma'aunin a kan kafasita, ka sa 2 ms a kowane gida na allo. Layin zai tashi daga 4.5 V, ya wuce 9 V kaɗan a ƙarshen gida na farko, ya kwanta dab da 12 V a gida na biyar.